Lafazin naka ne, lissafin na mai saƙo ne

Ƙannena, da yawanku kun zama marubutan gidajenku da na iyayen gidanku ba tare da an yi bikin naɗi ba. Wanda ya iya karatu kuma hannunsa ya saba da waya, shi ake kira. Baba ya ce a rubuta wa mai gidan haya, shugaban ƙungiyar unguwa ya ce a tuna wa mutane kuɗin wata, maigida a kasuwa ya yi saƙon murya cikin fushi ya turo ya ce, "Gyara min wannan ka aika, kada ya ji kamar na zage shi." Abin da ake nema a wurinku shi ne sauya lafazi: a sanyaya mai zafi, a sa girmamawa inda babu, wani lokaci kuma a ƙara wa mai sanyi kauri. Aiki ne mai daraja, domin zumunci da yawa ya tsira ta dalilin yaron da ya san yadda ake gaishe da babba kafin a ambaci kuɗi.

Sai dai izinin da aka ba ka yana da iyaka. An yarda ka sauya yadda aka faɗi maganar. Ba a yarda ka sauya ranar da aka sa ba, ko adadin kuɗin, ko wanda ya ɗauki nauyin yin wani abu, ko sharaɗin da aka gindaya. Kowa ya yarda da wannan idan an faɗa masa, kuma ba ha'inci ne ke sa a saɓa ba. Matsalar tana cikin yadda muke nuna ladabi da Hausa. Idan muna son mu tausasa magana, mukan ƙanƙanta kuɗi mu ce "ɗan ragowar nan", mu sassauta lokaci mu ce "nan da 'yan kwanaki", mu ɓoye mai aiki mu ce "za a duba". Wato kayan aikin da kake tausasawa da su, su ne kuma suke goge lamba da rana da sunan mai alhaki. Saboda haka jin cewa saƙo ya yi daɗi a kunne ba ya nuna cewa yana nan yadda mai shi ya ba ka. Sai ka bincika, kuma binciken yana da hanya.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wani maigida a Kantin Kwari ya ba wani dattijo mai shago a Gusau atamfa turmi 60 a kan naira 9,500 kowane turmi, jimla naira 570,000. Dattijon ya ba da naira 200,000 nan take, saura naira 370,000. Daga baya ya bugo waya ya ce turmi huɗu sun zo da tabon ruwa, sannan ya yi shiru, kuɗi ba su zo ba. Ranar Litinin 4 ga Agustan 2025 maigida ya yi wa yaron shagonsa saƙon murya, ransa a ɓace:

"Ka gaya masa ina bin sa dubu ɗari uku da saba'in. Ya turo dubu ɗari da saba'in ranar Alhamis sha huɗu ga wata, sauran dubu ɗari biyu ranar Alhamis ashirin da takwas. Turmi huɗun da ya ce sun lalace, in ya aiko da su zuwa sha huɗu ga wata kuma ba a yanka ba, zan cire kuɗinsu daga biyan ƙarshe. Kuɗin mota nasa ne. In sha huɗu ta wuce ban ga komai ba, ba ni ba sake ba shi kaya bashi. Na gaji da wannan wasa."

Dattijon nan abokin mahaifin maigida ne, don haka yaron ya san ba za a tura masa wannan yadda yake ba. Ya zauna ya rubuta:

"Salamu alaikum Baba, da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa? Alhaji yana gaisuwa da kyau. Ya ce a ɗan tuna maka batun ragowar kuɗin nan, wajen dubu ɗari uku da wani abu. In Allah ya hore, a ɗan taɓa mana wani abu zuwa tsakiyar wata, sauran kuma ƙarshen wata in sha Allahu. Kayan da suka samu matsala kada ka damu, za a karɓa. Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci."

Duk wanda ya karanta wannan zai ce yaron yana da tarbiyya, kuma gaskiya ne. Amma ku ajiye shi kusa da na maigida ku ga abin da ya saura. Naira 370,000 ta koma "dubu ɗari uku da wani abu". Biyan farko na naira 170,000 ya koma "wani abu", wanda dubu ashirin ma wani abu ne. Ranar 14 ta koma "tsakiyar wata", ranar 28 ta koma "ƙarshen wata". Turmi huɗu sun koma "kayan da suka samu matsala", babu adadi. Sharuɗɗa biyu na karɓarsu, wato su iso zuwa ranar 14 kuma ba a yanka ba, sun ɓace gaba ɗaya, haka ma batun kuɗin mota. Gargaɗin daina ba da bashi shi ma babu shi. Mafi muni, akwai abin da ya shigo wanda maigida bai faɗa ba: "in Allah ya hore" a wurin da aka sa shi ya mai da biyan ya zama sai in an samu hali, kuma "kada ka damu, za a karɓa" alkawari ne buɗaɗɗe da aka ɗora wa maigida bai sani ba.

Abin da zai biyo baya ba ya bukatar dogon tunani. Dattijo zai turo naira 50,000 ranar 18 ga wata, zuciyarsa fari tas, domin ya taɓa wani abu kuma ana tsakiyar wata. A cikin Satumba zai aiko da turmi shida, biyu an riga an yanka. Ranar da ya nemi sabon kaya maigida zai ce ai na gaya maka, shi kuma ya buɗe waya ya nuna saƙo ya ce, "Ina ka gaya min?" Kowannensu yana da gaskiya bisa abin da ya sani. Ladabin da aka yi don a tsare mutuncin dattijo shi ne ya kai shi ga jin kunya a gaban ɗan abokinsa.

Hanyar tsira tana farawa tun kafin ka rubuta kalma ɗaya ta sabon saƙon. Ɗauki takarda da biro, ka saurari maganar asali ko ka karanta ta, ka fitar da abubuwan da ba naka ba ne. Tambayoyin da za ka yi wa kowace jimla su ne: wa zai yi, me zai yi, nawa ne, yaushe, bisa wane sharaɗi, kuma me zai faru idan ba a yi ba. A misalinmu takardar za ta ƙunshi jimlar bashi 370,000. Biyan farko 170,000 ranar Alhamis 14 ga Agusta. Biyan ƙarshe 200,000 ranar Alhamis 28 ga Agusta. Turmi 4, su iso zuwa ranar 14, ba a yanka ba, kuɗin mota na mai aikowa. A cire kuɗinsu daga biyan ƙarshe. Idan 14 ta wuce babu biya, babu sabon bashi. Abin da bai shiga takardar ba, irin su "na gaji da wannan wasa", shi ne fushi, kuma shi aka ce ka cire. Idan saƙon murya ne, saurare shi fiye da sau ɗaya kana rubutawa, domin kunne yana riƙe sautin fushi fiye da yadda yake riƙe lamba.

Wannan rarrabewa tana da wuri ɗaya mai wuya, wato gargaɗi. Matashi yakan ɗauka cewa "ba ni ba sake ba shi kaya bashi" fushi ne kawai, ya share shi tare da sauran zafin. A'a, hukunci ne da maigida ya yanke, kuma dattijo yana da haƙƙin ya sani tun da wuri don ya shirya. Ɓoye masa ba tausayi ba ne, domin ranar da abin zai same shi zai same shi ba shiri. Idan kana ganin gargaɗin ya yi tsauri ga mutum irin wannan, koma wurin maigida ka ce, "Alhaji, batun daina ba shi kaya, in sa ko in bari?" Yana iya cewa bar shi, fushi ne ya sa na faɗa. To shi ya sassauta, kuma ya san ya sassauta.

Bayan ka gama rubuta sabon saƙon, sai binciken kansa. Kada ka karanta shi kana tuna na asali, domin ƙwaƙwalwarka za ta cike duk giɓin da ke ciki. Kai ka san 170,000 ce, don haka idan idonka ya bi ta kan "wani abu" zuciyarka za ta karanta 170,000 ta wuce. Kife takardar farko, ɗauki sabuwa, ka mai da kanka dattijon da ke Gusau wanda bai ji saƙon muryar ba. Amsa tambayoyin nan daga abin da ke rubuce kaɗai: nawa ake bina, nawa zan fara biya, wace rana, me aka ce game da kayan da suka lalace. Duk inda ka kasa rubuta lamba ko rana ba tare da ka tuno maganar maigida ba, nan ne aka yi asara. Sannan ka buɗe takardar farko ka gwada su layi da layi, ta fuska biyu: abin da ke can ya ɓace a nan, da abin da ke nan wanda babu shi a can. Mutane sukan duba na farko su manta da na biyu, alhali alkawarin da ya shigo ta bayan gida ya fi tsada. In akwai wani kusa da kai wanda bai ji maganar asali ba, ba shi ya karanta ka tambaye shi abin da ya fahimta. Ya fi ka dacewa da wannan gwaji.

Lambobi suna da nasu binciken, kuma mafi sauƙinsa shi ne haɗa lissafi. 170,000 da 200,000 sun ba da 370,000, daidai da jimlar da aka ambata. Turmi 4 sau 9,500 sun ba da 38,000, idan an cire daga 200,000 saura 162,000. Da yatsa ya zame ka rubuta 107,000 a maimakon 170,000, wannan haɗawar ce za ta kama ka, domin jimlar ba za ta cika ba. Shi ya sa yake da kyau saƙo ya ɗauki jimla da kuma rabe-rabenta, kowanne yana gadin ɗan'uwansa.

Akwai kuma tarkon da ke cikin yadda muke faɗin kuɗi da baki. A kasuwa ana cewa "ɗari da saba'in" ana nufin dubu ɗari da saba'in, ana cewa "miliyan ɗaya da biyu" ana nufin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Tsakanin mutane biyu da suka san cinikin wannan ba matsala, amma a rubuce, bayan wata uku, a hannun ɗan dattijon da ya gaji lissafin shago, yana iya zama gardama. Rubuta adadin da lamba, sannan ka maimaita shi da kalmomi, kamar yadda ake yi a takardar cak ta banki, inda ake bukatar biyun su dace. Idan akwai lambar asusu, kada ka sake buga ta da hannu don kawai kana gyara saƙo. Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce. Kwafe ta yadda take, ka ƙirga ka ga goma ne, ka haɗa da sunan banki da sunan mai asusun don mai turawa ya gwada da abin da zai fito masa.

Wanda ke hulɗa da 'yan kasuwar Maraɗi ko Damagaram yana da ƙarin abin lura. A Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, alhali tsofaffinmu na Kano idan sun ce jaka suna nufin naira 200, gadon zamanin da jaka take fam ɗari kafin naira ta zo a 1973. Idan maigida ya ce "jika ɗari" kai kuma ka mai da shi lamba don saƙo ya yi kama da na ofis, ka tabbata ka san da wane kuɗi yake magana, ka rubuta sunan kuɗin a fili. Idan za a biya bashin naira da sefa, canjin wace rana za a bi shi ma sharaɗi ne, kuma yana cikin abubuwan da ke saurin faɗuwa idan ana gyara lafazi.

Rana ta fi lamba santsi, saboda muna da hanyoyi da yawa na faɗinta kuma duk suna da daɗi a baki. Abu na farko, buɗe kalanda ka ga ko sunan ranar da lambarta sun dace. A 2025, 14 ga Agusta Alhamis ce, 28 ma Alhamis ce, don haka maganar maigida ta tsaya. Da ya ce "Laraba sha huɗu ga wata", da sai ka koma ka tambaye shi wanne yake nufi, Laraba 13 ko Alhamis 14. Kada ka zaɓa masa. Kuskuren da ka tarar a cikin maganar asali ba naka ba ne ka gyara a ɓoye, ko da kana ganin ka san abin da ake nufi.

Na biyu, ka yi hattara da kalmomin da ke jingine da ranar da aka furta su: gobe, jibi, gata, mako mai zuwa, rana ita yau. Maigida ya faɗi "jibi" ranar Litinin da yamma, kai ba ka samu sukunin gyara saƙon ba sai Talata da safe, dattijo bai buɗe waya ba sai Laraba. Jibin maigida Laraba ce, jibin dattijo Juma'a. Ba ka sauya kalma ko ɗaya ba, amma wa'adin ya matsa da kwana biyu. A nan riƙe amana yana nufin ka mai da "jibi" ya zama "Laraba 6 ga Agusta". Haka ma "daren Juma'a": a lissafinmu na gargajiya dare yana gaba da yini, don haka ga dattijo daren Juma'a shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis, yayin da yaro ɗan boko yana iya nufin Juma'a da daddare. Rubuta "Alhamis bayan sallar isha'i" ka huta.

Sannan akwai tambayar wane wata. Dattijo da yawa har yanzu da watan sama suke lissafi. Ranar 4 ga Agustan 2025 ta zo wajen 10 ga Safar na 1447, don haka "tsakiyar wata" da "ƙarshen wata" a saƙon yaron nan suna da ma'ana biyu da ke da tazarar kwanaki tsakaninsu. "Bayan Sallah" ta fi wannan sakewa: ƙarama ko babba, kuma kwana nawa bayanta? Ko ranar Sallar kanta ta dogara da ganin wata, kuma yakan faru Najeriya da Nijar su bambanta da kwana ɗaya. Idan mai saƙo ya ba da rana tsayayya, kada ka mai da ita "bayan Sallah" don ta fi taushi. Idan kuma shi ne ya ce "bayan Sallah", kada ka ƙirƙira masa rana. Tambaye shi ko yana son a sa.

Ƙananan kalmomin da ke gaban rana su ma suna da nauyi. "Ranar Alhamis" tana nufin a wannan rana. "Zuwa ranar Alhamis" tana nufin daga yanzu har Alhamis ɗin, da ita a ciki. "Kafin ranar Alhamis" a wurin mai tsananta lissafi ta ƙare ne Laraba. "Daga ranar Alhamis" kuwa ta juya maganar baki ɗaya, ta mai da ƙarshen wa'adi ya zama farkonsa. Mai gyara lafazi yakan musanya waɗannan da juna don jimla ta zauna, bai san ya ƙara wa wani kwana ko ya rage masa ba.

Inda na fi son ku tsaya ku lura shi ne alkawari, domin lamba da rana ido yana ganinsu, shi kuwa alkawari yana ɓuya a cikin ƙananan kalmomi. Ku duba "zan cire kuɗinsu" da "za a duba batun kuɗinsu". Ta farko ta ɗaure mutum ɗaya da aiki ɗaya. Ta biyu ba ta ɗaure kowa da komai ba. Hausa tana da wannan "a" da "an" da "za a" da muke girmama manya da su, mu ce "a turo" a maimakon "ka turo", kuma yana da kyau idan kowa ya san wa ake nufi. Amma idan a jimla ɗaya akwai nauyi biyu, ɗaya kan mai saƙo ɗaya kan mai karɓa, "za a" takan haɗe su. "Za a dawo da kayan" bai faɗi wa zai biya mota ba, kuma kowane ɓangare zai karanta shi yadda ya fi masa sauƙi. Ka iya riƙe "a" ta girmamawa, amma ka ƙara abin da ke nuna mai nauyin, kamar "daga wajenku" ko "Alhaji zai".

"In sha Allahu" ba ta cikin abin da nake cewa a cire. Musulmi yana faɗinta a kan duk abin da zai yi gobe, kuma haka ya kamata. Abin dubawa shi ne ta zauna tare da rana da adadi, kada ta maye gurbinsu. "Ranar 14 ga Agusta in sha Allahu" alkawari ne. "In Allah ya hore" ko "idan hali ya yi" sharaɗi ne sabo, kuma idan mai saƙo bai sa shi ba, kai ma ba ka da ikon sa shi.

Kuskuren yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. A ce dattijon ne ya ba jikansa amsa ya ce, "Gaya musu zan yi ƙoƙari in turo ranar sha huɗu, amma ina jiran wasu kuɗi daga ƙauye." Jikan yana son amsar ta fito da ƙarfi don kada a raina kakansa, sai ya rubuta, "Baba zai turo ranar 14 ba fashi." Ya mai da ƙoƙari ya zama wajibi, ya jefar da sharaɗin jiran kuɗi, kuma idan ranar ta zo babu kuɗi kakansa ne zai zama mai saɓa alkawarin da bai ɗauka ba. Haka wanda aka ce ya ƙara wa saƙo kauri yakan ƙara "in ba haka ba za mu ɗauki mataki" ko ya ambaci kotu, alhali mai saƙo bai yi niyyar zuwa ko'ina ba. Ba da haƙuri ma yana da irin wannan haɗari. "Mun ji ba daɗi da abin da ya faru da kayan" jaje ne. "A yi haƙuri da kuskurenmu" amsa laifi ne, kuma idan tabon ruwan a mota ya samu kayan, ka ɗora wa maigida abin da ba nasa ba.

Ba sabon abu nake kawo muku ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ta yi umarni a rubuta bashin da aka ɗauka zuwa wa'adi sananne, marubuci ya rubuta da adalci, kada a tauye komai daga haƙƙin, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Yaron da ke riƙe da waya a shago yana zaune ne a mazaunin wannan marubucin, ko da abin da yake rubutawa tunatarwa ce kawai, domin gobe ita za a buɗe a nuna.

Ga yadda saƙon nan zai fita idan an bi shi da takarda a gefe:

"Salamu alaikum Baba, da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa? Alhaji yana gaisuwa da kyau, ya ce a tuna maka lissafin atamfar nan don komai ya zauna a rubuce. Ragowar kuɗin naira 370,000 ne (dubu ɗari uku da saba'in). Yana roƙon a turo naira 170,000 ranar Alhamis 14 ga Agusta, sauran naira 200,000 kuma ranar Alhamis 28 ga Agusta, in sha Allahu. Turmi 4 da suka samu tabo, idan sun iso shago zuwa ranar 14 ga Agusta kuma ba a yanka su ba, Alhaji zai cire kuɗinsu, naira 38,000, daga biyan ƙarshe, ya zama naira 162,000. Kuɗin motar dawo da su daga wajenku ne. Ya kuma ce a sanar da kai tun yanzu, don kada abin ya zo maka ba zato, cewa idan ranar 14 ta wuce biyan farko bai shigo ba, ba zai samu damar sake ba da kaya bashi ba. Allah ya ƙara girma, ya buɗa kasuwa, ya bar zumunci."

Gaisuwa tana nan, addu'a tana nan, an ce "yana roƙon" inda maigida ya ba da umarni, an ce "ba zai samu damar" inda ya ce "ba ni ba". Taushin duk ya tafi cikin gaisuwa da sigar roƙo da bayanin dalili, lambobin da ranakun kuma ba su motsa ba. Ku lura cewa 38,000 da 162,000 ba su fito daga bakin maigida ba, yaron ne ya lissafo su daga farashin turmi. Lissafin daidai ne, amma tunda ƙari ne, dole maigida ya gan shi kafin ya tafi, domin yana iya yiwuwa ya yi wa dattijon wani ragi a farashi wanda yaron bai sani ba.

Wannan ya kawo mataki na ƙarshe, wanda matasa suka fi tsallakewa don gudun a ce sun cika tambaya. Kafin ka aika, karanta wa mai saƙon abin da ka rubuta, ko aƙalla ka karanta masa lambobi da ranaku da sharuɗɗa, ka ji ya ce haka ne. Idan yana cikin ciniki, tura masa ya duba, ka jira amsarsa. Idan daga baya ya ce a ƙara sassauta wata jimla ko a ƙara mata nauyi, duk gyaran da ka sake yi sabon rubutu ne, sai ka sake gwada shi da takardar farko, domin sau da yawa a gyara na biyu ne rana ke faɗuwa, lokacin da hankali ya riga ya kwanta. Ajiye saƙon muryar asali da takardar da ka fitar har sai an gama biyan ƙarshe. Idan kuma bayan ka aika ka gano lamba ko rana ta sauya, kada ka goge saƙon ka tura wani shiru, domin mai karɓa yana iya zama ya riga ya karanta na farko. Gaya wa maigida, sannan ka aika gyara a fili wanda ya ambaci abin da aka rubuta da farko da kuma wanda yake daidai, ka roƙi dattijon ya amsa cewa ya gani.